Shimfiɗa bututun ruwa a gida mai tankin sama

Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga tankin sama ya dogara ne ga tsayin da ke tsakanin fuskar ruwan da bakin famfo, girman tankin ba shi da hannu a ciki. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kusan bar 1. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, muddin fuskar ruwansu na kan tsayi ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ne. Babban ya fi daɗewa bai ƙare ba, shi ke nan.

Misali, gida ne mai ɗaki uku, banɗaki ɗaya da kicin, an ɗora tankin lita 1,000 mai zurfin mita 1.2 a kan hasumiyar ƙarfe mai mita 3. Kan shawa yana mita 2 daga daɓe. In tanki ya cika, shawar tana da mita 2.2 na ruwa a bisanta; in ya kusa ƙarewa, saura mita 1 kacal. Shi ya sa ake samun famfon tsakar gida yana zuba sosai, shawa kuwa tana ɗiga. Da za a ɗaga hasumiyar zuwa mita 6, da shawar ta samu mita 4 ko da ruwa ya yi ƙasa. Sai dai lita 1,000 tan guda ce, don haka ƙarin tsayi yana buƙatar ƙarfe da tushe masu ƙwari.

Tunda matsin kaɗan ne, bai kamata a ɓarnatar da shi a hanya ba, kuma siririn bututu ne ya fi cinye shi. Bakin bututun inci 1 ya ninka na rabin inci sau huɗu a fili, ba sau biyu ba. Saboda haka babban layin da ya sauko daga tanki ya zama inci 1, rassan da suka nufi banɗaki da kicin su zama inci ¾, a bar rabin inci ga gajeren zangon ƙarshe zuwa kowane famfo. Gidan da aka yi wa aikin duka da rabin inci don sauƙin kuɗi ba ya ɓuya: da an buɗe famfon kicin, sai shawa ta ɗauke. Kowace gwiwa ma tana rage gudun ruwa, gara a miƙe layi gwargwadon hali. Mafitar tanki ta ɗan ɗara gindinsa da kamar santimita 5 don laka ta kwanta, a sa makulli a nan da kuma farkon kowane reshe.

In tanki ya ƙafe aka sake cika shi, iska kan maƙale a duk inda bututu ya yi tozo, wato ya hau sannan ya sauka, kuma raunin matsin ba ya iya tura ta. Alamarta famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa, ko ya ƙi zuba alhali tanki cike yake. Maganinta layin ya riƙa gangarowa ba tare da tozo ba, sannan a cire reshe daga babban layi kusa da mafita, a miƙe shi sama har ya wuce murfin tanki, a bar bakinsa a buɗe da raga.

Bututun iska na ɓangaren ƙazanta aikinsa daban ne. Ƙarƙashin masai na tangaran da kwanon wanke hannu akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa kamar santimita 5, wannan ruwan ne ke tare warin sokawe. Idan aka kora masai, ruwan da ke gudu a bututun inci 4 yana jan iska a bayansa. In babu inda iska za ta shigo, sai ya zuƙe ruwan lanƙwasar da ke kusa. Daga nan sai a ji magudana na gurnani, wari ya cika banɗaki. Don haka ake ɗora bututun iska a kan layin masai, aƙalla inci 2, ya wuce rufin gida, nesa da taga da kuma murfin tankin.

Ruwan wanka da na kicin inci 2 ya ishe su. Layin masai kuwa ana ba shi gangare na kusan santimita 2.5 a kowace mita, domin in ya kwanta da yawa ƙazanta takan tsaya ta toshe shi. A duk kwanar da ya yi a gina camba mai murfi, inda za a zura sanda a buɗe shi ba tare da fasa daɓe ba.