Abin da Ke Saura Bayan an Goge Bayan Hoto

Kowane hoto da ke cikin waya ko kwamfuta jeri ne na ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, an shirya su sahu-sahu. Hoto mai faɗin fiksel 1,000 da tsayin 800 yana da ɗigo 800,000, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: ta ja, ta kore da ta shuɗi. A yawancin hotuna kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Idan dukkan ukun suka kai 255 ana samun fari, idan suka sauka 0 ana samun baƙi. Wato fari ma launi ne da ake rubutawa da lamba, kuma a cikin lambobin nan uku babu wadda ke nufin "babu komai a nan".

Wannan ne ya sa goge bayan hoto ya bambanta da yanke takarda da almakashi. Fayil ɗin hoto ba ya iya ɗaukar siffar kan mutum ko ta kwalbar turare, dole ya zauna da kusurwoyinsa huɗu. Idan aka goge bangon da ke bayan mutum, ɗigon nan 800,000 suna nan daram, ko ɗaya bai bar wurinsa ba. Abin da manhajar ke yi shi ne ta yi amfani da lamba ta huɗu, wadda ake kira alfa, domin ta faɗi yawan yadda kowane ɗigo zai rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Alfa 255 na nufin ɗigon ya rufe ruf, alfa 0 kuwa na nufin ba a ganinsa sam, sai abin da ke bayansa. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka ɓullo da wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, sannan Thomas Porter da Tom Duff suka tsara lissafinta a 1984. Kamar zane ne a jikin gilashi: inda aka kankare fenti, gilashin yana nan, amma ido yana wucewa ta cikinsa.

Ƙananan akwatunan fari da toka-toka da ke bayyana a wurin da aka goge ba sa cikin hoton. Alama ce kawai da manhaja ke nunawa, tunda allo ba zai iya nuna babu ba.

Wani lokaci mutum zai goge ya ga fari ko wani launi ya cike gurbin. Dalili shi ne shimfiɗar da yake aiki a kanta ba ta da alfa. A Photoshop, shimfiɗar da aka kulle mai suna `Background` ba ta karɓar huji sai an cire mata makulli. A GIMP kuwa sai an bi `Layer > Transparency > Add Alpha Channel` kafin a fara gogewa.

Amfanin lambobin da ke tsakanin 0 da 255 ya fi bayyana a aiki irin na katin gayyatar biki. A ce mai zane ya karɓi hoton amarya da aka ɗauka a gaban farin bango, tana yafe da mayafi shara-shara, ana so a ɗora ta a kan kati mai duhu. Fuska da atamfa za su sami alfa 255, bango ya sami 0. Mayafin da bakin ɗankwali ne wurin aiki, domin ba a rufe suke ruf ba, ba kuma a buɗe suke gaba ɗaya ba. Idan aka ba wani ɗigo na mayafin rabin alfa, manhaja za ta ɗauki rabin launinsa ta haɗa da rabin launin katin. Ɗigo mai hasken 200 da aka ɗora a kan kati mai hasken 40 zai fito 120, shi kuma ɗigon nan a kan kati mai hasken 240 zai fito 220. Da haka ne mayafin ke ɗaukar launin duk inda aka ajiye shi, har mai kallo ya ɗauka a wurin aka ɗauki hoton.

Aikin yakan lalace ne a lokacin adanawa. JPEG, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 1992 kuma shi ne yawancin kyamarori ke amfani da shi, ba shi da gurbin alfa ko kaɗan. Da zarar an adana hoton amaryar da shi, manhaja za ta cike duk inda aka goge da launi ɗaya, galibi fari, wani lokaci baƙi. Idan aka ɗora shi a kan katin, sai amarya ta fito cikin farin akwati. Sauya sunan fayil ɗin daga `.jpg` zuwa `.png` ba ya dawo da komai, domin alfar ta riga ta tafi.

GIF yana iya riƙe huji tun daga sigarsa ta 1989, amma rabin aiki yake yi. Launuka 256 kawai yake ɗauka, kuma ɗaya daga cikinsu ake warewa a ce kada a nuna shi. Ɗigo ko dai a gan shi gaba ɗaya ko kada a gan shi, babu tsaka-tsaki. Mayafin amarya a GIF zai zama ko ƙyalle mai kauri ko ya ɓace, bakin hoton kuma ya yi zarto-zarto.

PNG, wanda ya fito a 1996, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, kuma shi ya kamata mai zane ya fara zaɓa. Yana riƙe dukkan matakan alfa 256, ba ya rage ingancin hoto, kuma da wuya a sami manhajar da ba ta buɗe shi. Illarsa nauyi: hoton mutum a PNG yakan ninka na JPEG sau da yawa. WebP, wanda kamfanin Google ya fitar a 2010, yana riƙe alfa da ƙarancin nauyi, kuma da shi ake yin sitikar WhatsApp, shi ya sa take zama a kan fira ba tare da akwati ba. TIFF ma yana iya ɗaukar alfa, masu ɗab'i sun san shi. PSD na Photoshop da XCF na GIMP kuwa suna ajiye shimfiɗu duka yadda aka bar su, don haka su ne na ajiyar aiki ko da za a dawo gyara.

Ko an adana daidai, hanyar aikawa na iya ɓata shi. Idan aka tura PNG ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi, hujin ya cike. Tura shi ta zaɓin `Document` ne ke kai fayil ɗin yadda yake. Akwai kuma hotunan intanet da aka zana musu akwatunan fari da toka a jiki, suna kama da masu huji alhali ba su da shi.

Gwaji ɗaya ya isa a gane gaskiyar fayil: a ɗora shi a kan launi mai ƙarfi, kamar ja. Idan jan ya fito ta ko'ina a kewayen mutumin, alfa na nan. Idan farin akwati ko akwatunan toka suka biyo shi, babu. Wannan gwajin ne kuma ke tona siririn farin layi da kan kewaye kai da kafaɗu, wanda ragowar tsohon bangon ne da ya gauraye da ɗigon bakin hoto. Maganinsa shi ne a koma fayil ɗin PSD ko XCF, a matso da iyakar gogewar ciki da fiksel ɗaya ko biyu, sannan a sake fitar da PNG.