Shirin Musamman: Nawa Tan Ɗaya Yake Ci a Kowace Kilomita?

Shirinmu na yau yana zuwa muku daga Limancin Kona a cikin birnin Zazzau, kuma lissafin motar kaya za mu yi. Mai tirela da yawa yakan karɓi kuɗin lodi, ya cire na man gas da na direba, ya ce ragowar riba ce. Sai ranar sauya tayoyi ya ga ashe uwar kuɗi yake ci.

A ɗauko biro da takarda. Alkaluman da za ku ji na misali ne, kowa ya sa nasa farashin.

Mu ce wani Alhaji a nan unguwar yana da tirela mai ɗaukar buhu 300 na masara. Kowane buhu kilo 100 ne, ke nan tan 30. Za ta kai kayan kasuwar Dawanau a Kano, tafiyar kilomita kusan 160, ta dawo ba kaya. Zuwa da dawowa kilomita 320.

Mu fara da mai. Idan lita ɗaya tana kai ta kilomita biyu, za ta sha lita 160. A naira 1,000 kowace lita, kuɗin mai ya kama naira 160,000. Ba da baki ake sanin shan mai ba. A cika tanki kafin tashi, a sake cikawa bayan dawowa, litar da ta shiga ita ce aka sha. In shan ya ƙaru alhali hanya da kaya ba su sauya ba, a duba nozul, a duba iskar taya, a kuma duba ko ana zuƙar man a hanya.

Sai ma'aikata. Albashin direba da yaron mota naira 160,000 ne a wata. Idan motar tana sawu goma, kowane sawu ya ɗauki 16,000. A ƙara kuɗin abinci na hanya 24,000, ya zama 40,000.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, domin ba kullum ake zaro shi daga aljihu ba. Taya 18 a naira 200,000 kowace, in sun yi kilomita 60,000 kafin su suɗe, kowace kilomita ta ci naira 60. Juyen baƙin mai da gyare-gyare mu sa naira 40. Naira 100 ke nan a kilomita, wato 32,000 a wannan sawu. Motar kanta tsufa take yi. In an saye ta miliyan 40, ana sa ran sayar da ita miliyan 10 bayan shekara biyar, duk wata tana zubar da naira 500,000. Da takardu da inshora na 100,000 a wata, a raba gida goma, sawu ɗaya ya ɗauki 60,000. Tikitin ƙungiya da harajin hanya kuma 8,000.

In an tara duka, sawun ya ci naira 300,000.

To wane aiki motar ta yi? Tan 30 sau kilomita 160, ya ba mu 4,800. Dawowa ba a ƙirga komai, tunda wayam ta dawo. A raba 300,000 da 4,800, amsa naira 62 da kwabo 50 ce a kan kowane tan a kowace kilomita. A harshen kasuwa, naira 1,000 a buhu. Duk kuɗin lodin da ya gaza haka, asara ce.

Yanzu a ce ɗan kamasho ya samo mata tan 20 na taki daga Kano. Tan 20 sau 160 ya ba da 3,200, aikin ya koma 8,000. Nauyin ya ƙara shan mai na 20,000, kuɗin ya zama 320,000. Raba ka gani: naira 40. Amma a kula, kowace tafiya daban ake ninka ta. Wanda ya haɗa tan 50 ya ninka da kilomita 320 zai samu naira 20, ya karya farashi, ya cuci kansa.

Haka kuma in motar ta kwana biyu a gareji ta yi sawu biyar kacal a wata, albashi da tsufa da takardu ba sa raguwa. Sawun zai koma 376,000, wato sama da naira 78.

Saboda haka kafin a yi ciniki da mai kaya, a tambayi abu biyu: akwai lodin dawowa, kuma sawu nawa motar ta yi a watan nan? A kan amsar za a ɗora riba.