Yadda za ka kalli bidiyo ba tare da hayaniyar da ke ƙasansa ba

Wanda ya saba kallon tafsiri ko hirar siyasa a YouTube ya san yadda abin yake. Mai magana bai gama gabatarwa ba, yatsa ya riga ya gangara ƙasa, ido ya faɗa cikin sharhin jama'a. Wannan ya zagi wancan, wancan ya rama, kafin ka ankara bidiyon ya yi nisa ba ka ji komai ba. Adadin masu danna alamar so kuwa aikinsa a ɓoye yake: idan ka ga dubu hamsin, ka riga ka yarda abin na da kyau tun ba ka kalla ba.

Kamfanonin su ma sun san da haka. Instagram ya fara gwada ɓoye adadin so a Kanada a 2019, sannan a watan Mayun 2021 aka bai wa masu amfani da Instagram da Facebook zaɓin ɓoye shi da kansu. A Nuwamban shekarar ce YouTube ya daina nuna wa jama'a adadin waɗanda suka danna alamar ƙi. Sai dai adadin so bai taɓa shi ba, kuma bai ba mai kallo wani maɓalli na musamman da zai kawar da sharhi ba. Mai bidiyo ne kaɗai yake da ikon rufe sharhi a kan abin da ya ɗora.

A Instagram abin ba wuya. Ka shiga saituna, ka nemi Like and share counts, ka kunna ɓoyewa. A Facebook kuma ana kiransa Reaction preferences. Lambobin ne kawai za su tafi, sharhi yana nan.

YouTube ne mai buƙatar dabara, kuma hanya biyu ce. Ta farko tana cikin manhajar waya: Settings, sai General, sai ka kunna Restricted Mode. An yi shi ne don tace bidiyon da ba su dace da yara ba, amma idan yana kunne sharhi ba ya bayyana. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa a kan sharhi. Zai iya ɓoye maka rahoton labarai kan yaƙi ko wata tattaunawa mai amfani, don kawai an ga ta yi nauyi. Idan ka nemi bidiyon da ka tabbata yana nan ka rasa, fara zargin wannan saiti. Kuma a na'urar da ka kunna shi kaɗai yake aiki. Kunna shi a waya ba ya shafar kwamfuta.

Hanya ta biyu ta fi tsafta, ga mai kallo a kwamfuta. Ka sa wa burauzar Firefox ƙarin manhajar nan uBlock Origin, ka buɗe saitunanta, ka shiga My filters, ka rubuta wannan layi, ka danna Apply changes:

```
www.youtube.com###comments
```

Ma'anarsa a sauƙaƙe: a wannan shafi, a ɓoye ɓangaren da aka raɗa wa suna comments. Alamun # ukun nan ba kuskure ba ne. Biyun farko suna raba sunan shafin da abin da za a ɓoye, na ukun kuma yana nuna sunan ɓangaren. Idan ka rage ɗaya ba zai yi aiki ba. Ka sake loda bidiyon, za ka tarar da ƙasansa fayau. Na ce Firefox ne saboda Chrome ya sauya tsarin ƙarin manhajojinsa, cikakken uBlock Origin ya daina aiki a cikinsa.

Adadin so kuma ban ba da layinsa ba da gangan, domin YouTube yana yawan sauya sunayen ƙananan sassan shafinsa, layin da ya yi aiki bana sai ya mutu baɗi. Gara ka danna maɓallin dama na linzami a kan lambar, ka zaɓi Block element, ka duba cewa lambar kaɗai aka haskaka, sannan ka danna Create. A nan ne mutane suke yin ɓarna: sai su haɗa da maɓallin so ɗin gaba ɗaya, wani lokaci har da na rabawa. Idan haka ta faru, ka koma My filters ka goge layin ƙarshe, ka sake gwadawa. Ranar da lambar ta dawo da kanta, YouTube ne ya sauya suna, sai a maimaita.

Duk wannan idonka kawai ya shafa. Sharhin yana nan ga sauran mutane, ƙidayar tana ci gaba, kuma kamfanin yana bin diddigin abin da kake kallo don zaɓa maka na gaba. Akwai ma asara guda da ya kamata a faɗa: a bidiyon gyaran waya ko haɗa magungunan gona, sau da yawa a cikin sharhi ne wani zai yi gargaɗin cewa ya gwada bai yi ba. Don irin wannan ni nakan bar burauza ɗaya babu matata, in riƙa buɗe bidiyon koyon sana'a a can, wa'azi da hira kuma a Firefox.