Kaya Ɗaya, Bayani Kala-kala: Daga Shafin Kasuwa Zuwa Sitatus

Bayanin kaya shi ne rubutun da ke raka hoton haja a intanet, kuma wanda ya dace da shafin Jiji ba lalle ya dace da sitatus na WhatsApp ba. Abu biyu ne ke kawo bambancin: yawan haruffan da kowane dandali ke ɗauka, da kuma halin mai karatu a lokacin da ya ci karo da tallar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara rubuta dogon bayanin, sannan a riƙa rage shi. A ɗauki misalin badukun Kano mai ɗinka takalmin maza na fatar saniya, baƙi da ruwan ƙasa, lamba 40 zuwa 45, a kan naira 12,000. Kafin komai sai ya ware abubuwan da ba za su canza a ko'ina ba: sunan kayan, farashi, lamba, garin da yake, da yadda ake oda. Sauran bayanai, kamar irin ɗinkin da yadda ake kula da fatar, su ne ake ƙarawa ko a cire.

Wanda ya shiga shafin kasuwa irin su Jiji ko Jumia neman kayan ya zo yi, kuma bai san mai sayarwa ba. Saboda haka kanun ya ƙunshi kalmomin da mutum zai rubuta a wurin bincike, misali "Takalmin maza na fata, ɗinkin hannu, lamba 40 zuwa 45". Kirari irin "sabon yayi" ba ya taimakawa a nan, domin da wuya wani ya nemi kaya da shi. A ƙasa sai cikakken bayani cikin natsuwa: ƙasan takalmin roba ne ko fata, nawa ne kuɗin aikawa Kaduna ko Abuja, kuma ana canzawa idan bai yi daidai da ƙafa ba? Batun canji ya fi komai nauyi ga mai sayen takalmi daga nesa, amma sau da yawa shi ake mantawa.

A Instagram hoto ne ke kan gaba. Rubutun ƙarƙashinsa na iya kai haruffa 2,200, sai dai farkonsa kaɗai ake gani kafin a latsa `more`. Wanda ya buɗe da doguwar gaisuwa ya ɓoye farashinsa da hannunsa. Ya fi kyau layin farko ya ce, "Takalmin fata ɗinkin Kano, ₦12,000, lamba 40 zuwa 45", sauran zance ya biyo baya cikin sakin jiki. Mahaɗin intanet da aka saka cikin wannan rubutu ba ya latsuwa, don haka ake tura mutane zuwa bayanin shafin. Shi kuwa X, asusu na yau da kullum haruffa 280 yake ɗauka, wato jimla biyu ko uku.

Sitatus na WhatsApp ya sha bamban da duka. Yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda ke ganinsa mutane ne da suka adana lambar juna da mai kayan. An riga an saba, ba a bukatar gabatar da kai. Ko da yake sitatus na rubutu na ɗaukar haruffa har 700, yatsa na wucewa cikin ɗan lokaci. Wannan ya isa: "Sababbi sun iso. Baƙi da ruwan ƙasa, 40 zuwa 45, ₦12,000. Mai so ya turo lambar ƙafarsa." Jimlar ƙarshe tana faɗa wa mai karatu abu ɗaya tak da zai yi.

Saƙon tes yana da tarko ga mai rubuta Hausa. Saƙo guda na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka harafi mai ƙugiya kamar ƙ, ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, iyakar na sauka zuwa 70, saƙon ya rabu gida-gida, kuɗinsa ya ƙaru.

Wurin ragewa, a cire jimla ɗungurum maimakon gutsure kalmomi har a kasa gane su. Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne saɓanin farashi: an ƙara kuɗi a sitatus, an bar tsohon a Jiji, mai saye ya ga kamar ana son cutarsa. Maganinsa a ajiye asalin bayanin a wuri ɗaya cikin waya, duk gyara ya fara daga can. Tambayoyin masu saye ma ma'auni ne. Idan ana ta tambayar "nawa ne?" ko "akwai 43?", an yanke abin da bai kamata a yanke ba, kuma a layin farko ya kamata a mayar da shi.