Wane Lokacin Aiki Ya Dace da Kowane Sashe na Rahoton Gwaji?

A ce ɗaliba ta gwada narkewar sukari a ruwan sanyi da ruwan zafi, yanzu za ta rubuta rahoto da Turanci. A sashen hanyar aiki, shuɗaɗɗen lokaci ake so, domin aikin ya riga ya wuce: an auni giram 10 na sukari, an zuba a ruwa, an motsa. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sukan kwafo umarnin littafi yadda yake, wato `Add 10 g of sugar`, alhali abin da ake nema shi ne `10 g of sugar was added`. Malami na gani zai san kwafi ne.

Sakamako ma haka yake, sukari ya narke cikin daƙiƙa kaza. Amma idan ta nuna jadawali, sai ta koma lokaci mai ci, `Table 1 shows`, tunda jadawalin yana nan gaban mai karatu.

A sashen tattaunawa kuwa dole a gauraya. Cewa zafi yana hanzarta narkewa gaskiya ce tabbatacciya, lokaci mai ci ne nata. Abin da ya faru a kofinta ranar gwaji shuɗaɗɗe ne. Idan ta rubuta shi da lokaci mai ci, ta mai da gwaji guda ɗaya dokar kimiyya ke nan.