Kai Rahoton Abokin Aiki: Faɗi Abin da Ka Gani, Ka Bar Hukunci

Idan takardar ƙorafi ta isa sashen kula da ma'aikata da kalmar "ɓarawo" a layinta na farko, mai ita ya riga ya rage mata ƙarfi. Jami'in da zai karanta ba shi da hanyar bincikar zagi. Abin da zai iya bi shi ne rana, lokaci, wuri da takardun da aka sa wa hannu. Saboda haka aikin mai rahoto ɗaya ne: ya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa.

A ɗauka kana aiki a wani kamfani, ka lura man dizal na janareta yana ƙarewa kafin lokacinsa. Cikin fushi za ka iya rubuta: "Mai kula da sito yana satar mai, kowa ya sani, dama can halinsa ne." Wannan jimla ta yanke hukunci kafin bincike, ta jingina da shaidun da ba ta ambata ba, ta kuma taɓa mutuncin mutumin maimakon aikinsa.

Ga maganar a wani salon: "Ranar Talata 4 ga wata, da misalin ƙarfe 5:30 na yamma, na ga Malam Wane ya fitar da jarka biyu masu cin lita 25 daga sito, ya sa su a bayan wata mota da ba ta kamfani ba. Maigadi yana bakin ƙofa a lokacin. Washegari na duba littafin fitar da kaya, ban ga an rubuta su ba. Ban san ko an ba shi izini ba. Ina roƙon a duba."

Babu zargi ko ɗaya a nan, amma jami'in ya samu abin kamawa. Zai buɗe littafin a shafin ranar, ya kira maigadi, ya tambayi manaja ko shi ya ba da umarni. Jimlar nan ta "ban san ko an ba shi izini ba" ba tsoro ba ce. Mai yiwuwa an aike shi ya kai man wani reshe ne, aka manta ba a rubuta ba. In haka ta tabbata, ka tona sakaci a wajen rubutu, ba ka ɓata sunan kowa ba. In kuwa sata ce, littafin ne zai kama shi.

Abin da aka ba ka labari, ka nuna cewa ji ka yi, ka kuma faɗi daga wa, bayan ka sanar da shi za ka ambace shi. Idan maganar batsa ce ko cin mutunci, kawo kalmomin yadda aka furta su, ko da suna da nauyi a baki, domin "ya yi mini rashin kunya" kowa da yadda zai fassara ta. Guji "kullum" da "bai taɓa ba". Da zarar wanda ake ƙorafi a kansa ya nuna rana ɗaya da ba ya ma wurin aiki, sauran maganarka ta shiga shakku. Kada kuma ka faɗi niyyarsa, don ba ka shiga zuciyarsa ba. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Akwai dalilin shari'a ma. A Arewacin Najeriya, sashe na 391 na kundin Final Kod ya ɗauki ɓata suna a matsayin laifi. Rahoton gaskiya da aka kai wa mai alhakin bincike da kyakkyawar niyya yana da kariya, amma yaɗa zargin a dandalin WhatsApp na ma'aikata wani abu ne daban. Sannan kamfanin da ya san aikinsa ba zai hukunta mutum ba sai ya ba shi takardar tuhuma ya ji ta bakinsa, domin korar da aka yi da gaggawa tana iya ƙarewa a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ka rubuta kowace jimla da sanin cewa watakila a karanta ta a gabansa.

Rubuta abin da ka gani tun a ranar, kafin lokaci ya jirkita maka shi. Haɗa kwafin takardun da aikinka ya ba ka damar gani, amma kada ka buɗe durowar wani ko wayarsa don neman hujja, domin wannan laifi ne da zai dawo kanka. Sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafi, ka nemi a buga maka hatimin karɓa. Ka kuma tambayi jami'in wa da wa za su ga sunanka, saboda sashen zai iya taƙaita masu sani, amma da wuya ya iya ɓoye ka gaba ɗaya idan kai ne kaɗai shaida. Idan bayan rahoton aka fara matsa maka, aka sauya maka wurin aiki ko aka hana ka hutu ba dalili, rubuta wannan ma da rana da lokaci, ka kai shi a takarda ta daban.