Motsi na tafiya, mutum-mutumi ya ƙi gusawa

Mai koyon haɗa wasan kwamfuta ya ƙera mutum-mutuminsa a Blender, ya ɗauko motsin tafiya daga Mixamo, ya zuba su duka cikin Unity. Ya danna Play, shuɗin layin da ke tagar Animator yana ta gudu, alamar motsin na aiki. Amma mutum-mutumin na nan tsaye ƙiƙam, hannuwa a miƙe gefe da gefe kamar harafin T. Wannan ita ce tsayuwar da aka saba ɗaura wa jiki ƙasusuwa a cikinta, kuma a nan yake zama muddin babu umarnin da ya iso masa.

Fayil ɗin motsi jerin umarni ne kawai: ƙashi kaza ya juya kaza a lokaci kaza. Idan an bar Animation Type a kan Generic, Unity na neman kowane ƙashi ne da sunansa da kuma jerin ƙasusuwan da ke samansa. Mixamo na kiran ƙugu `mixamorig:Hips`, shi kuwa mai ƙira wataƙila `Hips` kurum ya rubuta. Umarni ya fita, babu mai amsa sunan. Injin ba zai tsaya ba, haka zai yi ta kunna motsin a banza.

Kafin a taɓa komai, a yi gwaji ɗaya. Yayin da wasan ke gudana, a zaɓi ƙashin hannu a Hierarchy, a dubi lambobin Rotation. In ba sa canzawa, umarnin ne bai isa ba, kuma tagar Animation kan nuna sunayen da launin rawaya tare da kalmar Missing. Maganin shi ne a buɗe shafin Rig na fayilolin biyu, a mayar da su Humanoid, a zaɓi Create From This Model, a danna Apply. Unity zai yi wa kowanne Avatar, wato taswirar da ke cewa wannan ne ƙugu, wannan ne gwiwa, ko da me aka kira su. Tana buƙatar aƙalla ƙasusuwa 15, kuma a Configure ana ganin waɗanda suka dace da launin kore. Sai a tabbata gurbin Avatar na Animator ba fanko ba ne, domin nan ne da yawa ke tuntuɓe bayan sun gyara sauran.

In kuwa lambobin na canzawa amma jiki bai motsa ba, to fata ce ba ta manne da ƙashi ba. Za a tarar da Mesh Renderer a inda ya kamata a ga Skinned Mesh Renderer. Wannan gyaran na Blender ne: a zaɓi jikin, sannan ƙasusuwan, a danna Ctrl+P, a zaɓi With Automatic Weights, a sake fitar da FBX da su biyun tare. Dabarar Humanoid dai ta masu siffar mutum ce. Doki ko tsuntsu sai an daidaita sunayen ƙasusuwansu ɗaya bayan ɗaya.